Mabiya 48,000, Masu Saye 9: Nazarin Wata Tashar Koyar da Excel

Matar da wannan nazari ya shafa tana da tasha a YouTube inda take koyar da Excel da Google Sheets. Ba zan ambaci sunanta ba, Malama kawai zan riƙa ce mata, kamar yadda masu kallonta suke kiranta. A lokacin da ta yanke shawarar sayar da kwas nata na kanta, mabiyan tashar sun kai 48,000. Kuɗin talla yana shigowa, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata ya yi kyau wata ya faɗi, kuma ko a dogayen bidiyoyi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne kawai YouTube ke ba mai tasha. Sai ta yi lissafin da kusan duk mai tasha yake yi a zuciyarsa: idan mutum ɗaya cikin ɗari ya saya, ai mutum 480 ke nan.

Ta shafe watanni tana naɗar darussa. Kwas ɗin ya fito da darasi 60, daga yadda ake buɗe manhajar har zuwa zane-zanen jadawali da rubuta umarnin da ke sarrafa aiki da kansa. Aiki ne mai kyau, na kalli wasu daga cikin darussan kuma babu abin kushewa a koyarwar. Ta saki bidiyon sanarwa, ta saka linki a ƙarƙashinsa, ta maimaita sanarwar a gajerun bidiyoyi. Bayan mako biyu, mutum 9 ne suka biya.

Da ta kawo mini maganar, ta riga ta yanke hukunci. Cewa ta yi, "Yaya, mutanena ba sa sayen abu, kyauta suka saba." Na ce mata, "Malama, kafin mu ɗora wa mutane laifi, bari mu ga inda suka tsaya." Alƙaluman da ke tafe nata ne ita kaɗai, kada wani ya ɗauke su ma'auni ga tasharsa. Abin ɗauka shi ne hanyar da aka bi aka karanta su.

Inda mutanen suka zube

Daga kallon bidiyo zuwa biyan kuɗi matakai huɗu ne, kuma kowane mataki yana da lambarsa. Mutum nawa suka ga sanarwar, nawa suka danna linkin, nawa suka isa shafin biya, nawa suka kammala. A wurin Malama, bidiyon sanarwar ya samu kallo 2,100. Mutum 190 suka danna. Mutum 31 suka isa shafin biya. Tara suka biya.

Lambar farko kaɗai ta isa ta rushe lissafinta. Ba mutum 48,000 ta yi wa talla ba, mutum dubu biyu ne da ɗoriya. YouTube ba ya kai kowane bidiyo gaban duk wanda ya taɓa danna `Subscribe`. Yana nuna shi ga wasu, ya ga yadda suka karɓe shi, sannan ya faɗaɗa ko ya janye. Bidiyon da takensa ke cewa an buɗe sabon kwas ba ya amsa wata tambaya da ke damun mai kallo, don haka kaɗan ne ke buɗe shi, kuma nan da nan ya lafa.

Sai muka shiga YouTube Studio, sashen `Audience`, muka duba mutanen da ke dawowa tashar wata bayan wata. Ba su wuce 3,000 ba. Rahoton da ke nuna ta inda mabiya suka shigo ya bayyana dalili: wajen kashi biyu bisa uku ta gajerun bidiyoyi suka zo, irin masu nuna wata dabarar maɓalli a cikin daƙiƙa ashirin. Mutum ya gani, abin ya burge shi, ya danna, ya wuce, wataƙila ko sunan tashar bai riƙe ba. An ce taron mutane shi ne kasuwa, amma a kasuwar ma akwai masu ratsawa zuwa wani wuri, kuma ba da su mai rumfa yake lissafin cinikinsa ba. Marubuci Kevin Kelly ya yi wannan magana tun 2008, a rubutun da ya nuna cewa masoya na gaskiya dubu ɗaya za su iya riƙe mai fasaha. Masu tashoshi sun san maganar, sai dai ranar da za su sa kaya a kasuwa babbar lambar da ke saman tasha suke kallo.

Akwai kuma wata matsalar da Malama ba ta lura da ita ba. Tun ƙarshen watan Agusta na 2023, linkin da aka saka a bayanin `Shorts` ko a sharhinsa ba ya dannuwa. Duk sanarwar da ta yi a gajerun bidiyoyi, sai mai kallo ya kwafi adireshin da hannu ko ya je shafin tashar ya nema. Kusan babu mai yin haka. Abin da ke aiki a can shi ne a haɗa gajeren bidiyo da wani dogo ta hanyar `Related video`, dogon kuma shi ya ɗauki linkin.

Mataki na biyu zuwa na uku shi ne ya fi ba ni haske. Mutum 190 sun buɗe shafin kwas, 31 ne kawai suka matsa gaba. Waɗannan ba masu ratsawa ba ne, sun ji sanarwa sun kuma biyo ta. Me suka gani ya mayar da su? Sun ga jerin darussa 60 da alkawarin zama gwani a Excel. Rahoton na'urori ya nuna yawancin masu kallon tashar da waya suke kallo, alhali darussan duk a kan kwamfuta aka naɗa su, wasu ma ba za a iya aikata su a waya ba, domin manhajar Excel ta waya ba ta gudanar da `macro`, wato umarnin nan da ke sarrafa aiki da kansa. Mutumin da ke da shago yana son ya san kayan da suka rage masa ba ya neman zama gwani. Darasi 60 a idonsa nauyi ne, tun bai saya ba ya san ba zai gama ba.

A mataki na ƙarshe, daga 31 zuwa 9, farashi ne da hanyar biya. Wasu sun rubuto cewa katinsu ya ƙi wucewa. Wannan kam matsala ce ta gaske, amma ita ce mafi ƙanƙanta. Da a ce Malama ta bi abin da zuciyarta ta fara raya mata, wato ta karya farashin kawai, da mutum ashirin da biyun nan kaɗai za ta taɓa, ta bar babbar ɓarakar da ke sama yadda take.

Abin da aka canza

Ba a sake naɗar komai ba tukuna. Aikin farko karatu ne. Malama ta tattara tambayoyin da masu kallo suka yi mata a cikin shekara guda, na ƙarƙashin bidiyoyi da na saƙon imel, ta zuba su a tebur ɗaya, kowace tambaya da layinta, ta rarraba su gida-gida. Ta kuma buɗe rahoton `Traffic source`, ta shiga `YouTube search`, inda ake ganin ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗo kan bidiyonta. Wurare biyun suka nuna abu ɗaya. Tambayar da ta fi yawa ba ta shafi wata dabara ta Excel ba. Masu ƙananan sana'o'i ne ke tambayar yadda za su riƙe lissafin kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da bashin da ake bin su da wanda suke bi. Wani tsohon bidiyo nata a kan wannan batu, wanda ita kanta ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, har lokacin yana samun kallo wajen 300 a kowane mako daga masu bincike.

Wata tambaya daga cikinsu ta tsaya mini a rai. Mutumin ya rubuta cewa, "Malama, na yi teburin kamar yadda kika nuna, amma in na sayar da abu sai na koma ɗaya shafin na rage da hannu, ranar da na manta sai lissafin ya rikice. Babu yadda zai riƙa ragewa da kansa?" Wannan mutumin ya riga ya gwada, ya gamu da cikas, ya san abin da cikas ɗin ke jawo masa. Irinsa ne ke biya. Masu rubuta "Allah ya ƙara basira" sun cancanci godiya, amma yabonsu ba ya nuna abin da za a sayar.

Daga nan aka tsara kaya ƙarami: fayil ɗin lissafi da aka riga aka gina, ɗan littafin PDF mai shafi 40 da ke bayanin yadda ake cike shi, da gajerun bidiyoyi shida, uku a kan waya uku a kan kwamfuta. Alkawarin jimla ɗaya ce, cewa mai saye zai san abin da ya rage a shagonsa da wanda yake bi bashi ba tare da ya yi lissafi da hannu ba. Farashin rubu'in na kwas ɗin farko.

A nan ne muka ɗan yi jayayya. Malama tana son ta gama komai kafin ta yi magana, domin tana jin nauyin karɓar kuɗin abin da bai kammala ba. Na fahimci wannan, kuma ina girmama shi. Amma hanyar da ta bi ke nan a karon farko, ta ba da watanni kafin ta ji amsar mutane. Ƙuri'ar jin ra'ayi ma ba ta wadatarwa, domin cewa "zan saya" ba ya cin ko sisi. Muka daidaita a kan sayarwa tun kafin kammalawa, da sharuɗɗa a fili. Ta gina fayil ɗin ya yi aiki, ta nuna shi a bidiyo yana ragewa da kansa, ta faɗi ranar da littafin da bidiyoyin za su fito, ta kuma ce idan masu saye ba su kai 30 ba a cikin kwana goma, za ta mayar wa kowa kuɗinsa cif. Sharaɗin mayarwar shi ne ya sa abin ya zama ciniki na gaskiya, kuma sai wanda zai iya cika shi ya kamata ya furta shi. Ma'anarsa kada a taɓa kuɗin har sai kayan ya isa hannun masu shi. Mutum 44 suka biya.

Salon tallar ma ya canza. Maimakon bidiyon sanarwa, ta yi bidiyoyi uku na koyarwa a kan matsalar kanta, kowanne cikakke ne, wanda ya kalla zai iya gina teburinsa ba tare da ya sayi komai ba. Wannan batu ne da masu tashoshi ke yawan kuskurewa, sai su yanke darasi a tsakiya su ce sauran yana cikin kwas. Mai kallo yana gane wannan, kuma amanar da aka gina a shekaru tana iya zubewa a kan haka. Abin da Malama take sayarwa ba ilimin da aka ɓoye ba ne, sauƙi ne: ga hanyar idan kana da lokacin ginawa, ga wanda aka riga aka gina idan ba ka da shi. Ta ambaci kayan a tsakiyar bidiyo, daidai lokacin da ta gama nuna matakin da ya fi wahala, ba a ƙarshe ba, domin jadawalin `Audience retention` ya nuna fiye da rabin masu kallo sun tafi kafin a kai ƙarshen.

Don ta san wane bidiyo ne ke kawo ciniki, kowanne ta ba shi linkinsa da alama a wutsiya:

```
?utm_source=youtube&utm_campaign=lissafin_kaya_1
```

Sakamakon ya ba ta mamaki. A makon fitowar kayan an ƙara ciniki 126, jimilla 170 ke nan da na farko. Sababbin bidiyoyin ne suka kawo yawancin wannan. Amma bayan makon ya wuce, tsohon bidiyon nan mai kallo 300 a mako, wanda kawai ta ƙara masa linki a layin farko na bayani da kuma sharhin da ta maƙala a sama, shi ne ya ci gaba da kawo masu saye. Dalilin a fili yake: wanda ya rubuta matsalarsa a akwatin bincike yana cikin matsalar a wannan lokacin. Idan aka kwatanta kuɗin, tara a farashi huɗu 36 ke nan, 170 a farashi ɗaya kuwa 170, kusan ninki biyar, da aikin da bai kai rabin na farko ba.

Game da wurin sayarwa, ba mu daɗe a kai ba. Abin lura shi ne wanda ya kawo mai saye da kansa bai kamata ya ba kasuwa babban kaso ba. A Udemy, dandalin sayar da kwasa-kwasai, malamin da ya sayar ta linkinsa ko lambar rangwamensa yana samun kashi 97 cikin ɗari, idan kuwa ta cikin kasuwar mai sayen ya zo, kashi 37. Gumroad, dandalin sayar da kayan dijital, yana cire kashi 10 cikin ɗari da ɗan ƙari a kan cinikin da ya zo ta linkin mai kaya, kuma tun farkon 2025 shi ke ɗaukar nauyin karɓa da miƙa harajin ciniki a madadin mai kaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga tashar da masu kallonta ke ƙasashe daban-daban, domin a Tarayyar Turai, misali, tun 2015 harajin kayan dijital yana bin ƙasar mai saye ne. Kafin a zaɓi ko wanne, sai an tabbatar da abu biyu: masu kallonka za su iya biya a can, kai ma za ka iya cire kuɗinka zuwa inda kake.

Abin da ya lalace duk da haka

Kwana biyu da fitowar fayil ɗin, saƙonni suka fara shigowa da hoto iri ɗaya: ginshiƙin da ya kamata ya nuna ragowar kaya cike yake da `#NAME?`. Malama ta gina shi da `XLOOKUP`, wanda ke aiki a Excel 2021 da Microsoft 365, amma babu shi a Excel 2016 da 2019. A kwamfutarta komai lafiya, a tsofaffin manhajojin masu saye kuwa da zarar an shigar da sabon layi sai lissafin ya karye. Alamar ganewa ita ce `_xlfn.` da ke bayyana a gaban sunan idan aka danna ɗakin. Ta sake gina wurin da `INDEX` da `MATCH`, waɗanda tsofaffin manhajoji suka sani, ta tura wa kowa sabon fayil da saƙon ban haƙuri. Kafin gyaran ya isa, mutum 7 sun nemi a mayar musu da kuɗinsu, ta kuma mayar ba gardama. Na goyi bayanta a kan haka, domin mai sayen da aka ja wa rai yana iya kai ƙara bankinsa a janye kuɗin, a ƙara wa mai kaya tara, sannan ya dawo ƙarƙashin bidiyo ya faɗi abin da ya faru a gaban kowa. Wannan shi ne bambancin sayar wa masu kallonka da sayar wa baƙi: shago da dandalin koyarwa wuri ɗaya suke. Da an ba mutum biyar daga cikin 44 na farko fayil ɗin su gwada a na'urori daban-daban kafin a saki, da an kama matsalar a ɓoye.

Sai batun yawo. Cikin wata guda wani ya turo mata hoton littafinta a wani zauren Telegram. Babu hanyar da za ta hana fayil yawo idan ya sauka a wayar mutum. Gumroad yana iya buga adireshin imel na mai saye a jikin PDF, wanda ke sa wasu su yi tunani kafin su tura, amma iyakarsa ke nan. Bidiyon da aka ajiye a matsayin `Unlisted`, wato wanda ba ya fitowa a tasha ko a bincike, shi ma duk mai linki zai kalla. Abin da ta yi shi ne ta mayar da darajar kayan inda ba a kwafa: zaman tambaya da amsa sau ɗaya a wata ga waɗanda suka saya, da sabunta fayil ɗin da ake tura musu kai tsaye. Wannan ya rage zafin satar, sai dai ya jawo wani nauyin da ba ta lissafa ba. Amsa tambayoyin masu saye ya fara cinye lokacin da take naɗar bidiyo, har tashar ta yi makonni ba sabon abu. Sai da ta tattara tambayoyin da ake maimaitawa ta mayar da su shafuka a cikin littafin, ta kuma rubuta a shafin sayarwa abin da taimakon ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ciki har da cewa ba za ta shigar wa kowa lissafinsa da hannunta ba.

Iyaka ta ƙarshe ita ce wadda na fi so masu tashoshi su ji. Bayan makon farko, ciniki ya sauka zuwa huɗu ko biyar a mako. Da ta sake yin gangami bayan wata uku, da kaya ɗaya ga mutane ɗaya, bai kai sulusin na farko ba. Ba wani abu ne ya lalace ba. Mutum 3,000 da ke dawowa, waɗanda ke da wannan matsalar a cikinsu kuma suke shirye su biya, yawancinsu sun riga sun saya. Ƙara yawan talla ba zai haifar da sababbi ba, sai dai ya gajiyar da sauran, kuma ta ga alamar hakan a yawan masu barin tashar a ƙarƙashin bidiyon da ta fi matsa tallar.

Hanya biyu suka rage mata, kuma ta ɗauki duka biyun. Ta farko, bidiyoyin da ke amsa abin da ake bincika a kan lissafin sana'a, domin su ne ke kawo sababbin mutane masu matsalar. Ta biyu, kwas ɗin nan mai darasi 60 da ke ajiye. Ta ciro darasi 14 daga cikinsa, waɗanda suka shafi rahoton wata da lissafin riba, ta sake naɗa huɗu a kan waya, kuma ba ta yi sanarwarsa a tasha ba sam. Ta tura saƙo ne ga mutum 163 na farko da suka saya ba su nemi a mayar musu da kuɗi ba, tana tambayarsu ko sun cike fayil ɗin na tsawon wata guda. Waɗanda suka ce e su kaɗai ta nuna wa kwas ɗin, domin darussan rahoto ba su da amfani ga wanda teburinsa babu komai a ciki. Sauran darussa 46 suna nan, tana sakinsu ɗaya bayan ɗaya kyauta a tashar, kowanne da linkin fayil ɗin lissafi a layin farko.